Lambobin da Ke Tona Asirin Faifan Kwamfuta Kafin Ya Mutu

Duk faifan ajiyar kwamfuta mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had-dis, yana riƙe da bayanin lafiyarsa a cikinsa. Yana ƙirga awannin da ya yi a kunne, da zafin da ya sha, da wuraren da ya kasa karantawa. Sunan wannan tsari S.M.A.R.T., kuma manhajoji na kyauta suna fito da rahoton: CrystalDiskInfo a kan Windows, ko smartctl a kan Linux. Akasarin mutane abu ɗaya suke dubawa, wato hukuncin da ke sama. In sun ga Good ko PASSED, sai su rufe, hankali kwance. Ni kuwa a ganina wannan hukunci shi ne mafi ƙarancin amfani a duk rahoton, domin faifai na iya kasancewa yana cinye hotunan bikin mutum alhali har yanzu yana nuna PASSED. Labarin gaske yana can ƙasa, a layuka biyu ko uku.

Kafin a fahimci layukan, sai an san yadda faifan yake. A cikinsa akwai faranti mai rufin maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan kai da ke shawagi a samansa yana rubutu da karatu ba tare da ya taɓa shi ba. An yanka fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, kowanne na ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a sababbin faifai. Masu ƙera faifan sun san ba makawa wasu gurabe za su lalace, don haka suka ɓoye waɗansu a gefe a matsayin na ko-ta-kwana, waɗanda mai kwamfuta ba ya ganinsu.

Idan faifai ya zo karanta wani gurbi ya kasa, sai ya sake gwadawa, ya kuma sakewa. Wannan ne ke sa kwamfuta ta sandare na ɗan lokaci yayin buɗe wani fayil, sannan ta farfaɗo. In duk ƙoƙarin ya ci tura, faifan ba zai iya kwashe abin da ke gurbin ya kai wani wuri ba, tunda bai san mene ne a ciki ba. Sai ya sa wa gurbin alama, ya jira. Yawan irin waɗannan gurabe shi ne layi mai lamba 197, Current_Pending_Sector, wanda CrystalDiskInfo ke nunawa da C5. Ranar da aka rubuta sabon abu a kan gurbin, ranar ake yanke masa hukunci. In rubutun ya zauna, gurbin ya koma aiki, lambar ta ragu. In bai zauna ba, sai faifan ya yi watsi da shi har abada, ya ɗauko ɗaya daga na ko-ta-kwana ya maye gurbinsa. Wannan musanya ita ake ƙirgawa a layi mai lamba 5, Reallocated_Sector_Ct.

Bambancin layukan biyu babba ne. Lamba 5 tana ba da labarin raunin da aka riga aka ɗaure. Lamba 197 kuwa tana cewa a yanzu haka akwai wani yanki na bayananka da faifan ba ya iya karantawa. Shi ya sa gurabe takwas a layi na 197 suka fi tayar mini da hankali a kan gurabe ashirin da suka shekara a layi na 5 ba su motsa ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce mai ɗaukar hoto ne da faifai mai terabayit ɗaya, cike da hotunan bukukuwan mutane, kuma kwamfutarsa ta fara sandarewa. Aka ba da wannan umarni:

```
smartctl -a /dev/sda
```

A saman rahoton an rubuta PASSED. A ƙasa kuwa, bayan an rage wasu ginshiƙai, ga abin da ya fito:

```
ID# ATTRIBUTE_NAME          VALUE WORST THRESH RAW_VALUE
  5 Reallocated_Sector_Ct   100   100   010    8
197 Current_Pending_Sector  100   100   000    16
198 Offline_Uncorrectable   100   100   000    16
199 UDMA_CRC_Error_Count    200   200   000    0
```

Ginshiƙin VALUE maki ne da kamfanin ya tsara, yana farawa daga 100 ko 200 yana sauka yayin da lafiya ke raguwa. THRESH shi ne iyakar da in makin ya faɗo kanta faifan zai amsa cewa ya gaza. A layi na 5, makin yana kan 100, iyakar kuma 10. Kafin ya gangaro har can, sai kusan duk guraben ko-ta-kwana sun ƙare, kuma faifai da yawa ba sa kaiwa wannan rana da rai. A layi na 197 abin ya ma fi haka: iyakar sifili ce, ma'ana duk yawan guraben da suka maƙale, wannan layi ba zai taɓa sa hukuncin ya sauya daga PASSED ba. Don haka ido ya tafi kai tsaye kan RAW_VALUE, inda ainihin ƙirgen yake: an musanya gurabe 8, wasu 16 suna jira, kuma layi na 198 ya tabbatar cewa faifan ya kasa gyara su a binciken da yake yi da kansa.

CrystalDiskInfo ta fi taka-tsantsan, domin da zarar ta ga irin waɗannan lambobi takan sa Caution mai ruwan ɗorawa. Amma tana da tarkonta: in ba a sauya mata saiti ba, tana nuna ƙirgen ne da tsarin lissafi mai tushe sha shida. Wanda ya ga 000000000010 zai ɗauka goma ne, alhali sha shida ne, 38 kuma hamsin da shida ne. Ana gyara wannan ta Function, sai Advanced Feature, sai Raw Values, a zaɓi 10 [DEC].

Wani zai ce, gurabe 16 cikin kusan biliyan biyu ai ba komai ba ne. Ta fuskar girma gaskiya ne, kilobayit takwas ne kacal. In sun faɗa a tsakiyar hoto ɗaya, hoto ɗaya aka rasa. In kuwa sun faɗa inda ake ajiye jadawalin fayiloli, babbar jaka guda na iya ɓacewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin lalacewar. Idan kan karatu ya gogi farantin saboda kwamfuta ta faɗi tana kunne, ɓurɓushin da ya tashi zai ci gaba da yawo a ciki yana karce wasu wurare. Idan kan ne da kansa ya raunana, kullum zai ƙara kasa karanta sababbin gurabe. A duka biyun, ɓarnar yaɗuwa take yi.

Akwai kuma dalili mara hatsari, wanda ya shafe mu ƙwarai a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana, in aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, gurbi na iya zama rabi-da-rabi. Farantin lafiyarsa ƙalau, rubutun ne bai kammala ba. Irin wannan gurbi zai bayyana a layi na 197, amma da zarar an sake rubutu a kansa sai ya warke, layi na 5 kuma bai ƙaru ba.

To, yaya za a bambance? Kamar yadda magini ke yi wa tsagar bango: ya ja layi a ƙarshenta, ya dawo bayan kwanaki ya ga ko ta wuce layin. A ɗauki hoton rahoton da waya, a rubuta kwanan wata, a sake dubawa. A ce mai hoton nan ya dawo bayan mako guda ya tarar layi na 5 ya tashi daga 8 zuwa 56, na 197 kuma daga 16 zuwa 40. Wannan faifai ya gama aiki, ko da har yanzu yana cewa PASSED. Da a ce 197 ta koma sifili, 5 ta tsaya kan 8 wata da watanni, da sai a ce a ci gaba da amfani da shi ana sa ido, amma kada a damƙa masa abin da ba shi da kwafi a wani wuri.

Game da yaushe zai mutu, babu rahoton da ke ba da rana. Abin da ake da shi shi ne ƙididdiga. A 2007 injiniyoyin Google suka fitar da nazari kan faifai sama da 100,000, suka gano cewa faifan da ya yi musanyar farko ya ninka takwaransa mara musanya sau 14 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, wanda kuma ya fara samun gurbi mai jira, sau 16. Ke nan makonnin farko bayan lambar ta bar sifili su ne mafi hatsari. Sai dai nazarin ya nuna wani abu mai sa a shiga taitayi: fiye da rabin faifan da suka mutu ba su nuna komai ba a manyan alamomin. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze ma ya ruwaito a 2016 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faifansa da suka mutu sun tafi ne duk layuka biyar da yake lura da su suna kan sifili. Mota mai juya faranti ko allon lantarkin faifai na iya ƙonewa farat ɗaya. Rahoto mara kyau gargaɗi ne abin gaskatawa, rahoto mai tsabta kuwa ba alkawari ba ne.

Wasu layukan kan tsorata mutane a banza. A faifan Seagate, layi na 1 da na 7 kan nuna miliyoyi ko da faifan sabo ne fil, saboda yadda kamfanin ke haɗa ƙirgensa. Layi na 199 kuma, in ya tashi, yawanci waya ce ko mahaɗarta ta saki, sai a sauya waya a ga ko ƙirgen ya daina hawa, don ba ya komawa sifili. Faifan SSD, mara faranti, nasa ma'aunan daban ne.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne abin da ake yi bayan an ga mugun rahoto. Da yawa sukan garzaya su sa `chkdsk /r` ko wata manhajar da ke iƙirarin gyara gurabe, su bar faifai mai jinya yana aikin awanni ba hutu, wani lokaci ya cika a tsakiyar gwajin. Kwafi ne farko. A fara da abin da ba za a iya sake samu ba, kamar hotunan mutane da takardu da lissafin kasuwanci, a bar finafinai da manhajoji sai ƙarshe. In kwafin yana tsayawa a kan fayiloli, mai gyara ya yi amfani da `ddrescue`, wadda ke kwashe wurare masu lafiya tukuna sannan ta dawo kan masu wuya. Bayan an tsira da kaya ne za a yi dogon gwaji da `smartctl -t long /dev/sda`, ko a shafe faifan gaba ɗaya da sabon rubutu don tilasta wa gurabe masu jira su bayyana matsayinsu. Idan kuma faifan ya fara ƙara ƙwas-ƙwas yana maimaitawa, a kashe shi nan take, a kai wa masu ƙwarewar ceto bayanai, domin kowace kunnawa tana iya ƙara karce farantin.