Abin da malamin motsa jiki ya rubuta, shi zai auna

A tsarin darasin malaman motsa jiki da yawa, za ka ga an rubuta manufa kamar haka: "Ɗalibai za su fahimci yadda ake bugun farko a ƙwallon raga." Matsalar tana cikin kalmar "fahimci". Fahimta a cikin kai take, malami ba ya ganinta a filin wasa, don haka ba shi da ma'aunin da zai ce Audu ya iya, Binta kuwa da saura.

Tun a 1962 masanin ilimi Robert Mager ya nuna cewa manufa mai kyau tana da sassa uku: aikin da ɗalibi zai yi, yanayin da zai yi shi, da mizanin da za a ce ya yi nasara. Aikin kuwa sai an faɗe shi da aikatau wanda ido ke gani ko kunne ke ji, irin su buga, cafe, jefa, tsallake ko lissafa.

Idan aka gyara waccan manufa, sai ta koma: "A ƙarshen darasi, ɗalibi zai buga ƙwallo daga ƙasa, yana tsaye mita 6 daga raga, ta tsallake ta faɗa filin abokan karawa, sau 3 cikin 5." Layin da ake bugun farko a wasan gaske yana mita 9 daga raga, amma an matso da shi saboda masu koyo ne. Wannan jimla ta riga ta tsara gwajin: a ja layi a mita 6, kowa ya buga sau biyar, a ƙirga.

Inda ake yawan kuskure shi ne ranar jarrabawa. An koyar da bugu a fili, sai a zaunar da yara a aji a ce su rubuta matakan bugun. Wanda ya iya hadda zai ci, ko da bai taɓa tsallakar da ƙwallo ba, gwanin fili kuma ya faɗi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a duba aikatau na manufa da na tambaya. In wancan "buga" ne, wannan kuma "rubuta", to abu biyu daban ake aunawa.

Ƙirga kaɗai ma tana da iyaka. Yaro mai ƙarfi zai iya tsallakar da ƙwallo da tsayuwa marar kyau. Idan salon bugun ne malami ke so, dole ya sa shi a manufa: ƙafar da ke kishiyar hannun bugu tana gaba, a bugi ƙwallo ƙasa da ƙugu, hannu ya bi ta bayan bugu. A aji mai cunkoso, sai a raba yara biyu-biyu, ɗaya na bugu, ɗaya na yin alama a takarda, malami kuma yana zagayawa yana tantancewa.