Tabarau na VR a kan kwamfuta: idan hoto yana rawa, ɗaki ne ko inji?

Wani abokina mai shagon wasannin bidiyo a unguwar Zongo, nan Wagadugu, ya sayo tabarau na VR samfurin Quest 2, irin wanda in mutum ya ɗaura a fuska sai ya ga kamar yana cikin wasan. Ya haɗa shi da kwamfuta da kebul na USB 3, ya saka manhajar Link da SteamVR. Da rana lafiya lau, amma da magariba ta yi sai hoto ya riƙa zamewa, yara suna sauka da jiri. Har ya fara neman kuɗin sabuwar kwamfuta, alhali matsaloli biyu ne daban suka haɗe masa.

A fara da filin wasa. Domin wasan da ake yawo a cikinsa, SteamVR na buƙatar fili aƙalla mita 2 da mita 1.5, kamfanin Meta kuwa ya ba da shawarar mita 2 da mita 2. Da farko za a nuna wa tabarau inda ƙasa take, sannan a zana iyaka da rimot. A bar tazarar miƙa hannu tsakanin iyakar da bango. A tuna kuma iyakar ba ta san da fankar sama ba. Wanda ya ɗaga hannu cikin zafin wasa, shi zai ji a jikinsa.

Yaya tabarau yake sanin inda kan mutum yake? Quest 2 na da ƙananan kyamarori huɗu masu kallon ɗaki. Suna kama alamomi kamar kusurwar tebur ko bakin ƙofa, suna auna yadda suke matsawa. Farin bango fes ba shi da abin kamawa, madubi da tayil mai sheƙi suna ruɗa su, duhu kuma yana makantar da su. Shagon abokina farin bango ne da dogon ƙwai ɗaya. Muka shimfiɗa tabarma mai zane, muka manna kalanda biyu a bango, muka ƙara ƙwai. Muka goge kyamarorin da tattausan ƙyalle, don ƙurar hunturu tana dusashe su.

Akwai kuma batun wuta. Lantarkin Burkina Faso, kamar na Nijar da Najeriya da Gana, yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka kuwa sau 60. Wasu ƙwayayen suna ƙiftawa bisa wannan kaɗawar. Ido ba ya gani, amma kyamara tana gani. A cikin Settings na tabarau akwai Tracking Frequency. Mun sauya shi daga Auto zuwa 50 Hz, zamewar dare ta tsaya. Mai amfani da janareto ya kula, in injin ba ya tafiya daidai, ƙiftawar na iya dawowa.

Matsala ta biyu ita ce yawan sabunta hoto. Shi ma da Hz ake auna shi, amma ba ruwansa da wutar ɗaki. Yana nufin sau nawa allon tabarau ke nuna sabon hoto a daƙiƙa guda. A 72 Hz kwamfuta na da milisakan 13.9 ta zana kowane hoto, a 90 Hz milisakan 11.1, a 120 Hz kuwa 8.3 kacal. Abokina ya zaɓi 120, wai mafi yawa shi ne mafi kyau. Da muka buɗe Display Performance Graph a SteamVR, sai muka ga katin hotonsa na ɗaukar kusan milisakan 12. Ke nan ko 90 bai kai ba. In haka ta faru, manhaja takan rage hotunan gaske zuwa rabi, ta cike gurbin da na ƙiyasi, shi ya sa gefen abubuwa ke lanƙwashewa. Muka koma 72, wasa ya miƙe.

Ga hanyar rarrabewa. A cire kebul, a tsaya a allon farko na tabarau shi kaɗai, a juya kai. In duniya tana zamewa ko ƙasa tana hawa da sauka, a duba ɗaki. In lafiya take, sai an shiga wasan kwamfuta take tsinkewa, a duba inji ko kebul. In kuwa sai bayan rabin sa'a abin ke farawa, musamman a zafin watan Afrilu, katin hoto ne ke rage gudu don kare kansa. A kakkaɓe ƙurar cikin kwamfutar, a ba ta iska.

Gargaɗi ɗaya: kada rana ta haska gilasan ciki. Suna tara haske wuri guda, su ƙona allon, kuma tabon ba ya gogewa. In an gama wasa, a mayar da tabarau kwalinsa, nesa da taga.