Ƙarin kuɗin haya: wasiƙar da ya kamata ɗan haya ya rubuta kafin ya sa hannu

A takardun haya da yawa akwai wani layi da ido ke tsallakewa: “Mai gida na da ikon ƙara kuɗin haya duk lokacin da ya ga dama.” Layin bai faɗi yaushe ba, bai faɗi nawa ba. Wanda ya sa hannu a kansa ya miƙa wuya ke nan. A Legas, dokar haya ta 2011 ta ba ɗan haya damar kai ƙara kotu idan ƙarin ya wuce hankali, amma shari'a na cin kuɗi da lokaci, tana kuma ɓata zama. Gyara layin tun farko ya fi sauƙi.

A ɗauki misalin tela mai biyan naira 600,000 a shekara kan shagonsa. Bayan gaisuwa, wasiƙarsa za ta iya cewa:

“Alhaji, ranka ya daɗe, ban ƙi ƙari ba, don na san kayan gini sun yi tsada. Roƙona a sauya wannan layin ya koma haka: za a duba kuɗin haya sau ɗaya duk shekara 2, mai gida zai sanar da ɗan haya a rubuce wata 3 kafin lokacin, kuma ƙarin ba zai wuce kashi 20 cikin 100 ba.”

Da wannan, tela ya san abin da zai biya ba zai haura naira 720,000 ba, sai ya fara tanadi. Alhaji ma ya samu nasa, tunda ƙarin ya zama haƙƙinsa a rubuce, babu ja-in-ja. A ganina wannan ne ƙarfin wasiƙar: kada ta nemi a hana ƙari gaba ɗaya, domin babu mai gidan da zai yarda.

Akwai wurin da aka fi cutar 'yan haya, kuma shi aka fi mantawa. Tela ya sa tayil, ya yi silin, ya ja waya da kuɗin aljihunsa. Ranar duba haya sai dillali ya leƙo ya ce shago irin wannan ai miliyan ɗaya ne. Ka ga mutum zai biya haya a kan guminsa. Don haka wasiƙar ta ƙara da cewa ba za a lissafa gyaran da ɗan haya ya yi da izinin mai gida ba.

Idan an kasa daidaitawa fa? A rubuta cewa su biyun za su zaɓi ƙwararren mai kimanta gidaje, su raba kuɗin aikinsa, ɗan haya kuma ya ci gaba da biyan tsohon kuɗin har a yanke.

In Alhaji ya amsa da baki, a gode masa, amma a shigar da gyaran cikin takardar yarjejeniya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, ya riƙe kwafinsa. Gida kan koma hannun magada ko a sayar da shi, sabon mai shi kuwa takarda zai tambaya.