Miliyan ɗaya ta magada: nawa ce a yau?

Babu wanda ya san ranar mutuwarsa, amma kamfanin inshorar rai dole ya yanke farashi yau a kan kuɗin da zai biya magada ranar da bai sani ba. Masana lissafin inshora ba sa ƙoƙarin gano ajalin mutum ɗaya. Taro suke kallo: cikin mutum dubu masu shekaru ɗaya, nawa ne aka saba rasawa kowace shekara? Amsar tana cikin abin da ake kira jadawalin mace-mace. Ɗaya daga cikin na farko shi ne wanda Edmond Halley ya wallafa a 1693, daga rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau.

Mu ƙaga ƙaramin jadawali don misali kawai. Mutum 1,000 ne suka cika shekara 60. A shekarar farko 20 sun rasu, saura 980. A ta biyu 25 sun rasu, saura 955. A ta uku 30 sun rasu, saura 925. Wani magidanci daga cikinsu yana son inshora ta shekara uku: idan ya rasu cikin wannan lokaci, a ba iyalinsa naira miliyan ɗaya a ƙarshen shekarar da ya rasu, idan ya wuce lafiya, ba a biyan komai. Nawa ne ya kamata ya bayar yau, biya ɗaya?

Abu biyu ke rage wa miliyan ɗin nauyi. Na farko, ba lallai ne a biya ta ba. Tunda 20 cikin 1,000 ne ke rasuwa a shekarar farko, jimillar biyan miliyan 20 ce, kuma idan aka raba wa mutum dubun, kason kowa naira 20,000 ne. Haka na shekara ta biyu 25,000, na ta uku 30,000.

Na biyu, kuɗin ba yau za su fita ba, kuma kafin lokacin kamfani yana juya su. A ce suna kawo ribar kashi 10 cikin 100 a shekara. Naira 100 ta yau za ta zama 110 baɗi, don haka kuɗin baɗi ana raba shi da 1.1 a samu darajarsa ta yau. Na shekara biyu ana raba shi da 1.21, na shekara uku da 1.331. Ke nan 20,000 ta koma 18,182, ita 25,000 ta koma 20,661, sannan 30,000 ta koma 22,539. Idan aka haɗa, an sami naira 61,382. Wannan ita ce darajar alkawarin miliyan ɗaya a yau, bisa lissafin inshora.

Ana iya gwada amsar. Mutum dubun su zuba 61,382 kowannensu, asusu ya tashi kimanin miliyan 61.38. Bayan shekara ya kai 67.52, a biya 20, saura 47.52. Ya sake haurawa 52.27, a biya 25, saura 27.27. A shekara ta uku ya kai miliyan 30 cif, daidai haƙƙin iyalai 30 na ƙarshe. Idan kuɗi suka yi saura ko suka gaza, akwai kuskure a lissafin.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne raba mamatan shekara ta biyu da 980 maimakon 1,000. Wancan lissafi na wanda ya riga ya kai 61 ne, alhali namu yana 60 ranar da ake ƙulla yarjejeniya.

Babban haɗari kuwa yana cikin zato. Da ribar ta tsaya a kashi 5, darajar za ta hau zuwa 67,638, kuma kamfanin da ya karɓi 61,382 zai wayi gari da giɓi. Haka idan jadawalin na wasu mutane ne da suka fi masu sayen inshorar tsawon rai, ko kuma masu fama da ciwo ne suka fi zuwa saye. Shi ya sa ake tambayar lafiyar mutum, wani lokaci har da gwajin likita.

A sani cewa 61,382 ba ita ce farashin kanti ba. Kamfani zai ɗora kuɗin gudanarwa, da la'adar dillali, da abin ajiya don shekarar da mace-mace suka zarce jadawali. Don haka duk wanda aka kawo wa takardar inshorar rai ya tambayi abu biyu: da wane jadawali aka yi lissafin, kuma ribar kashi nawa aka ɗauka.