Mun Daɗe Muna Addu'a a Kan Rashin Tsaro, Me Ya Sa Ba Mu Ga Amsa Ba?

Tambaya

Mu mutanen yankin Sabon Birni da Isa mun yi shekaru muna alƙunutu da saukar Alƙur'ani a kan 'yan bindiga, amma har yau ana kisa, ana ɗaukar mutane, ana aza wa garuruwa haraji. Akwai wanda aka ɗauke masa ƙani, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ya yi ta tsayuwar dare, duk da haka aka kashe shi. Shin Allah ya ƙi karɓar addu'armu ne saboda zunubanmu?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Abin da ya sami wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayu na 2020 an kashe gomman mutane a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka ɗauke shi, alhali ana ta yi masa addu'a. Dubbai sun tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji da kewaye a jihar Maraɗi. Wanda ya ga wannan ya yi tambaya irin taka don neman sani, bai yi laifi ba.

Ka sani, ɗan'uwa, karɓar addu'a daban, ba ka ainihin abin da ka roƙa a lokacin da ka so daban. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Hanyoyi uku na karɓa

Allah ya yi alkawarin amsa wa mai kiransa a Suratul Baƙara aya ta 186 da Suratu Gafir aya ta 60. Amma a Suratul An'am aya ta 41 ya rataya yaye ainihin cutar da ake kuka da ita ga ganin damarsa. Hadisin Abu Sa'idil Khudri, Allah ya yarda da shi, wanda Imamu Ahmad ya ruwaito, shi ya fayyace yadda ake haɗa su. Ma'anarsa ita ce duk Musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, Allah zai ba shi ɗayan uku: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi zuwa lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa.

Ka lura, na farko kaɗai ido ke gani. Ajiyar lahira ba a ganinta a duniya. Sharrin da aka kawar kuwa bai faru ba, balle a ƙirga shi. Mai cewa ba a amsa masa ba ya yanke hukunci ne a kan abu uku bayan ya duba ɗaya.

Jinkiri

Bukhari ya ruwaito cewa Khabbab ɗan Aratti, wanda mushrikan Makka suka azabtar da wuta, ya sami Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a inuwar Ka'aba, ya roƙe shi ya nema musu taimakon Allah. Annabi ya tuna masa azabar da muminan farko suka sha, sannan ya rantse cewa Allah zai cika wannan al'amari har matafiyi ya tashi daga San'a'a zuwa Hadaramaut ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kuma kerkeci a kan dabbobinsa. Ya rufe da cewa gaggawa suke yi. Alkawarin amincin hanya ne, irin wanda mai bin hanyar Isa zuwa Shinkafi yake nema yau. Ya tabbata, amma bayan shekaru, kuma Sumayya da Yasir da wasunsu sun rasu ba su gan shi ba.

Addu'ar wanda aka zalunta tana da matsayi na musamman. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa babu shamaki tsakaninta da Allah. A ruwayar Tirmizi kuma Allah ya yi alkawarin taimakonsa ko da bayan wani lokaci ne. Don haka ganin azzalumi yana yawo da garke da makami ba alamar yarda ba ce. Suratu Ibrahim aya ta 42 ta hana a zaci Allah ya gafala da abin da azzalumai ke yi, hadisin Abu Musa kuma ya nuna talala ake yi musu, idan aka kama su babu kuɓuta.

Hani

Wani lokaci ba jinkiri ba ne, ainihin abin ne aka hana. Wannan ya sami annabawa ma. Annabi Nuhu, alaihis salam, ya roƙi Allah game da ɗansa, ba a ba shi ba, kamar yadda ya zo a Suratu Hud aya ta 45 da ta 46. Muslim ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi ya roƙa wa al'ummarsa abu uku: kada a halaka ta da fari, kada a halaka ta da nutsewa, kuma kada yaƙinta ya zama a tsakaninta. Aka ba shi biyu, aka hana shi na ukun. Bala'in da kuke ciki, inda mai kisa da wanda ake kashewa duk suke amsa sunan Musulunci, yana cikin wannan na ukun. Wannan ba uzuri ba ne ga mai kisa, zai amsa laifinsa cikakke. Amma yana nuna maka cewa hani ba hujjar ƙiyayya ba ce, tunda ya sami mafi soyuwar halitta ga Allah.

A shekara ta 4 bayan hijira an yaudari mahaddata 70 aka kashe su a Bi'iru Ma'una, Annabi ya yi wata guda yana alƙunutu a kan makasansu. A ƙasarku ma, a ƙarshen 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta rasa malamai da mahaddata masu yawa a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa. Babu malamin da ya ce zunubin waɗannan ne ya toshe addu'arsu.

Musanya

Yanzu mu koma ga wanda aka kashe wa ƙani. Ya roƙi a dawo masa da shi da rai, wannan bai samu ba, domin ajali idan ya zo ba ya jinkiri. To ina addu'ar ta tafi? Bisa hadisin Abu Sa'id, ba ta faɗi ƙasa ba. Tana iya zama an ajiye masa ita. Tana iya zama ita ta kare shi ranar da ya kai kuɗin daji ya dawo. Mamacin kuwa, wanda aka kashe bisa zalunci, muna kyautata masa zaton shahada, domin hadisi ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko jininsa ko iyalinsa shahidi ne. Kuɗin gonar da ya bayar don ceton rai a halin tilas, muna fatan lada gare shi, haramun ne ga wanda ya karɓa.

Sai dai kada kowa ya yanke masa cewa ga takamaiman abin da aka musanya masa da shi, wannan gaibu ne. Annabi Musa ma bai gane hikimar huda jirgi ba sai da aka faɗa masa, mu kuwa ba a yi mana alkawarin bayani a duniya ba. Wani yakan ga musanyarsa da ido, kamar Ummu Salama da ta rasa Abu Salama, ta roƙi lada da mafi alheri, sai Annabi ya aure ta. Wani kuma sai a lahira.

Abin da ke toshe addu'a

Akwai abubuwan da nassi ya ce suna hana karɓa. Waɗannan mutum kansa zai bincika da su, ba maƙwabcinsa ba.

Na farko, cin haramun. Muslim ya ruwaito labarin matafiyi mai ƙura a jiki, yana ɗaga hannu yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufarsa haramun ne, Annabi ya nuna nisan a amsa masa. A halin da ake ciki wannan ya haɗa da sayen saniya da araha kana da yaƙinin ta sata ce, da kai wa 'yan bindiga rahoto don a biya ka, da sayar musu da mai ko ƙwaya don riba, da yankar wani abu cikin kuɗin fansa da aka ba ka amana. Wanda aka tilasta wa biyan haraji ko yin noma da bakin bindiga ba ya cikin wannan, domin shari'a ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta.

Na biyu, addu'ar da ke ɗauke da zalunci. Ka roƙi Allah a kan wanda ya zalunce ka, wannan haƙƙinka ne. Amma roƙon halaka ga ƙabila gaba ɗaya, har da mata da yara da makiyayin da shi ma an kore masa shanu, saɓo ne, kuma sharaɗin hadisin shi ne babu saɓo.

Na uku, barin hani da mummuna. Hadisin Huzaifa a Tirmizi ya yi gargaɗin cewa jama'ar da ta bar shi za ta yi addu'a ba a amsa mata ba. Wannan gwargwadon iko ne, kuma nauyinsa ya fi hawa kan masu mulki da masu faɗa a ji.

Na huɗu, gaggawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai ce ya roƙa ba a amsa masa ba, sannan ya gaji ya bari. Alamarta ita ce ka daina roƙo, ko ka koma wajen boka da mai duba. Kuka da kai ƙara ga Allah ba gaggawa ba ne, Annabi Yaƙub ya yi.

Idan ka bincika ka sami ɗaya, ka tuba, ka mayar da haƙƙi ga mai shi. Idan ba ka samu ba, kada ka bar Shaiɗan ya ƙirƙira maka laifi. Kuma kada a ce wa matar da aka kashe wa miji zunubinta ne ya ja, wannan faɗa wa Allah abin da ba a sani ba ne.

Sai ka ci gaba da roƙo a sujada da sulusin dare na ƙarshe da tsakanin kiran salla da iƙama, kana ambaton buƙatarka da sunanta, kana haɗawa da neman abin da ya fi alheri. Ka haɗa da riƙon sababi: kauce wa hanya idan ta ɓaci, ƙaura idan zama ya zama halaka, da neman haƙƙinku wajen hukuma, domin yawan addu'arku bai sauke mata nauyin tsare rayuka ba.

Allah ya kawo wa ƙasar Gobir da sauran ƙasashen Musulmi aminci. Allah ne mafi sani.