Minti Arba'in, Sakin Layi Huɗu: Yadda Ake Gina Insha'in Ra'ayi a Jarrabawar IELTS

Ma'aikaciyar jinyar da ke neman rajista a Birtaniya da ɗalibin da ke neman gurbin digiri na biyu a Kanada sukan haɗu a ɗaki guda, wato ɗakin jarrabawar IELTS, wadda ke auna ƙwarewar mutum a Ingilishi ta fuskar sauraro da karatu da rubutu da magana. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9 a kowane fanni. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman 7 a fannoni uku, amma ta sassauta a rubutu zuwa 6.5. Duk da wannan sassauci, rubutun ne ke yawan mayar da mutane baya, har da masu Ingilishi a baka kamar ruwa. Sau da yawa ba ƙarancin kalmomi ke kayar da su ba. Rashin tsara tunani kafin a fara rubutu ne.

Awa guda ake bayarwa domin ayyuka biyu. Na farko gajere ne, kalmomi aƙalla 150. Na biyu shi ne insha'i mai kalmomi aƙalla 250, kuma makinsa ya ninka na farko, shi ya sa ake ware masa minti 40. Abubuwa huɗu mai maki yake dubawa, kowanne da kashi ɗaya cikin huɗu na makin: ko ka amsa tambayar da aka yi maka, ko maganarka ta tafi a tsare tana haɗe da juna, yawan kalmomin da ka sani da yadda ka dace wajen amfani da su, sai kuma nahawu. Biyun ƙarshe shekarun karatu ne ke gina su. Biyun farko kuwa, waɗanda su ne rabin makin, mutum zai iya gyara su cikin 'yan makonni idan ya koyi tsari.

Minti biyar na farko

Mu ɗauki tambaya irin wadda ake yawan yi: wasu na ganin ya kamata a hana ɗaliban sakandare shiga makaranta da wayar salula, ka yarda ko ba ka yarda ba, kuma zuwa wane mataki?

Kada ka fara rubuta insha'in nan take. Ka fara da ja layi ƙarƙashin iyakokin tambayar. An ce ɗaliban sakandare, don haka 'yan jami'a ba sa ciki. An ce shiga makaranta, don haka abin da yaro ke yi da waya a gida ba shi ake tambaya ba. Wanda ya cika takarda da illar waya ga tarbiyyar matasa gaba ɗaya ya amsa wata tambaya ce dabam, kuma komai daɗin Ingilishinsa makinsa zai ragu a ma'auni na farko.

Bayan haka sai ka tsayar da matsayinka cikin jimla guda. Misali: na yarda a hana amfani da waya a cikin aji, amma ban yarda a hana zuwa da ita makaranta kwata-kwata ba. Wannan matsayi ne karɓaɓɓe, domin tambayar ta ba da damar yarda da wani ɓangare. Mai maki bai damu da ra'ayin da ka zaɓa ba. Abin da yake so shi ne ya san inda ka tsaya tun daga farko, ya kuma same ka a nan har ƙarshe. Saboda haka ka zaɓi ɓangaren da ka fi samun hujja a kansa da sauri, ko da ba shi ne ya fi kwanta maka a rai ba.

Daga nan ka rubuta hujjoji biyu kacal a gefen takarda, kowace da misalinta. Ta farko: waya tana raba hankalin ɗalibi a aji, misali, saƙon da ya shigo ana tsakiyar darasin lissafi. Ta biyu: ɗalibin da gidansu ke nesa yana buƙatarta a hanya, misali, idan motar haya ta lalace bayan an tashi. Mutane da yawa suna ganin hujjoji biyar sun fi biyu ƙarfi. A kalmomi 250 ba haka ba ne, domin hujjoji biyar ba za su samu fiye da jimla ɗaya ko biyu kowacce ba, kuma hujjar da aka ambata aka wuce ba tare da bayani ba ba ta da nauyi a wurin mai maki.

Sakin layi huɗu cikin minti talatin

Gabatarwa jimloli biyu ce, kalmomi 40 zuwa 50. Ta farko ta faɗi batun da kalmominka, domin kwafo tambayar yadda take ba ya nuna wa mai maki komai game da harshenka. Ta biyu ta bayyana matsayinka. Da yawanmu mun saba tun daga firamare da buɗe insha'i da karin magana ko doguwar shimfiɗa kan yadda duniya ta canza. A nan babu wurin wannan. Haka ma jimlolin da ake haddacewa a wasu wuraren koyarwa, waɗanda za su shiga kowace tambaya: masu maki an horar da su kan gane su, kuma ba sa ƙara maki.

Gangar jikin insha'in sakin layi biyu ce, kowanne kalmomi 90 zuwa 100, kowanne kuma hujja ɗaya yake ɗauke da ita. A ciki ana bin matakai huɗu: ka faɗi hujjar, ka bayyana dalilinta, ka kawo misali, sannan ka ɗaure ta da matsayinka. Ga yadda sakin layi na farko zai tafi idan aka zuba ma'anarsa da Hausa:

"Babban dalilin hana waya a aji shi ne tana raba hankalin ɗalibi. Darasi irin lissafi mataki-mataki ake gina shi, don haka wanda ya rasa mataki ɗaya da wuya ya gane na gaba. Misali, ɗalibin da ya sunkuya ya karanta saƙo lokacin da malami ke warware matsala a allo zai ɗago kai ya tarar an wuce shi. Wannan asara tana shafar ajin duka, domin dole malamin ya koma baya. Saboda haka dokar ajiye waya lokacin darasi tana kare lokacin kowa."

A lura da yadda kowace jimla take ɗora wa wadda ta gabace ta. Babu inda aka tsallaka zuwa maganar satar amsa ko tsadar waya, ko da yake su ma hujjoji ne. Sakin layi na biyu zai juya zuwa ga ɗalibin da ke tafiya mai nisa, ya bi waɗannan matakai huɗu. Kammalawa kuma jimloli biyu ce, kalmomi 30 zuwa 40, inda za a sake faɗin matsayin da wasu kalmomi a taƙaita hujjojin. Kada sabuwar hujja ta ɓullo a nan, domin babu sauran wurin bayyana ta. Idan aka haɗa duka za a samu kalmomi 250 zuwa 290, wanda ya wadatar. Wanda ya kai 400 yawanci ya cinye lokacin dubawa ne, ya kuma tara wa kansa kurakurai.

Kalmomin haɗi da aikinsu

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. An gaya musu ana ba da maki kan haɗa magana, sai su haddace jerin kalmomi su riƙa liƙa ɗaya a bakin kowace jimla: *firstly*, *moreover*, *furthermore*, *in addition*. Ma'aunin makin kansa ya ambaci yawaita irin waɗannan kalmomi da sanya su ba bisa ma'ana ba a matsayin rauni. Kalmar haɗi alama ce ta dangantakar da ke tsakanin tunani biyu. Idan dangantakar ba ta nan, kalmar ba za ta samar da ita ba, sai dai ta jawo idon mai maki zuwa ga giɓin.

Dangantaka huɗu ce insha'in ra'ayi ya fi buƙata. Akwai dalili da sakamako, inda ake amfani da *because* da *therefore*. Akwai saɓani, wurin *however* da *although*. Akwai misali, wato *for example*. Sai ƙari, wurin *also* ko *moreover*. Kafin ka sa kowacce, ka tambayi kanka: jimlar nan sakamakon ta baya ce, ko tana ja da ita, ko tana misalta ta, ko tana ƙara mata? Wanda ya rubuta cewa waya tana raba hankali, sannan ya ce *therefore* iyaye suna kashe kuɗi a kanta, ya yi iƙirarin cewa na farko ne ya haifar da na biyu, alhali ba haka ba ne. Wanda kuma ya buɗe sakin layi na biyu na misalinmu da *moreover* ya ɓatar da mai karatu, domin sakin layin juyawa yake yi zuwa ɗaya ɓangaren. *However* ce ta dace a wurin.

Kurakurai biyu na nahawu suna yawan biyo waɗannan kalmomi. Mu Hausawa mukan ce ko da yake waya tana da amfani, amma tana raba hankali, kuma daidai ne a harshenmu. Ingilishi ba ya karɓar *although* da *but* a haɗe haka. Ɗaya ake zaɓa. Na biyu, *however* ba ta haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kawai. A sa aya, a fara sabuwar jimla da ita, a bi ta da waƙafi.

Haɗin da ya fi kyau ma sau da yawa ba ya fitowa fili. A sakin layin da aka kawo a sama, "wannan asara" ta ɗauko jimlar da ta gabata gaba ɗaya ta miƙa ta gaba. Wakilin suna da kalmomin nuni irin su *this* da *such* da *they* suna yin wannan aikin, kuma suna cikin abin da ake ba wa maki. Kalmomin haɗi biyu ko uku a sakin layi sun isa idan sauran haɗin yana tafiya ta wannan hanya.

Minti biyar na ƙarshe

Ka ajiye alƙalami, ko ka ɗaga hannu daga kwamfuta, ka karanta jimlar farko ta kowane sakin layi a jere. Idan jimlolin nan huɗu sun ba da hujjarka daga farko zuwa ƙarshe, tsarin ya tsaya. Sannan ka gwada matsayin gabatarwa da na kammalawa ka ga ko ɗaya ne, domin a tsakiyar rubutu mutum yakan zame zuwa wani ra'ayin bai sani ba. Ragowar lokacin na kurakuran da ka san kana yawan yi ne, kamar harafin jam'i da ya faɗi ko lokacin aikatau da ya sauya. Mai jarrabawa a kwamfuta yana ganin adadin kalmominsa a allo. Mai rubutu a takarda kuwa ya kamata tun a gida ya san layi nawa rubutunsa yake ci kafin ya kai 250.

Wajen atisaye, ba dole ba ne a rubuta cikakken insha'i kullum. A ɗauki tambaya ɗaya, a saita agogo kan minti biyar, a fitar da matsayi da hujjoji biyu da misalansu, sannan a tsaya. Sau ɗaya ko biyu a mako a rubuta cikakke cikin minti 40. Bayan an gama, a goge duk kalmomin haɗin a ba wani ya karanta. Idan ya bi zancen ba tare da su ba, tunanin a haɗe yake, sai a mayar da waɗanda suke sauƙaƙa karatu kawai. Idan ya tsaya a wani wuri yana tambayar me ya kawo wannan jimla, to a wurin akwai dalili ko misali da aka tsallake, kuma shi za a zauna a rubuta.