Wasalin da Kunne Ba Ya Ji a Kalmar Separate

Duk malamin Turanci ya saba cin karo da seperate a takardun ɗalibai, alhali daidai shi ne separate. Laifin na kunne ne. Bature yakan ƙarfafa gaɓar farko, sai wasalin tsakiya ya raunana har ba a bambance a da e, wani lokaci ma ya haɗiye shi ɗungurungum. Ga kuma desperate, mai e a wannan gurbi, tana ƙara rikita mai rubutu.

Asalin kalmar Latin ne, daga parare, wato shirya, tushen da ya haifi prepare. To, a nan dabarar take: furta prepare, za ka ga a ɗinta a fili, ka ɗauko ta. Ko ka nemi ɓera, a rat, kwance a tsakiyar sep-a-rat-e.